Me ya sa abinci ke kwantar da olsar wani, ya tayar da ta wani?

*Likita, barka da aiki. Ni da yayana duka an ce olsa muke da ita. Ni in ciwon ya taso, da na ci abinci sai ya lafa, amma yakan tashe ni tsakar dare. Shi kuwa da ya ci sai ciwon ya ƙaru, har tsoron abinci yake yi, ya rame. Kuma ni an rubuta mini maganin kashe ƙwayoyin cuta har kala biyu. Anya cuta ɗaya ce? Me ya haɗa olsa da ƙwayar cuta?*

Barka kadai, Malam. Allah Ya ba ku lafiya, kai da yayan naka.

Olsa gyambo ce a ciki, kuma amsar tana ga inda gyambon ya zauna. A ƙarshen tumbi akwai wata ƙofa ta tsoka, zagayayya kamar zobe, wadda take buɗewa ta rufe don sarrafa fitar abinci zuwa hanji. Gyambo yana iya fitowa kafin wannan ƙofa, wato a jikin tumbin kansa, yana kuma iya fitowa bayanta, a ɗan gajeren sashe na farkon ƙaramin hanji da muke kira duwodinam. Tazarar da ke tsakanin wuraren biyu wani lokaci ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, shi ya sa mai wannan da mai wancan duka wuri guda suke nunawa da yatsa, nan ƙarƙashin ƙahon zuciya. Amma abin da loma take yi wa gyambon da ke gaban ƙofa daban yake da abin da take yi wa wanda ke bayanta.

Bari mu bi lomar. Tumbi yana zubo ruwan narkar da abinci kusan lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, kuma ruwan nan akwai asid mai ƙarfi a cikinsa. In tumbi babu komai, ma'aunin tsaminsa, wato pH, yakan tsaya wajen 1 zuwa 2, kuma a wannan ma'auni, ƙanƙantar lamba ita ce tsananin tsami. Da abinci ya shiga, abu biyu ke faruwa lokaci guda. Na ɗaya, abincin yana tsotse asid ɗin ya surka shi, musamman abinci mai gina jiki, sai tsamin ya ragu na ɗan lokaci. Na biyu, ƙofar nan tana matsewa, ta riƙe abincin a tumbi don a niƙa shi, ba ta barin komai ya wuce sai kaɗan-kaɗan.

To ka ga mai gyambo a bayan ƙofa ya samu hutu biyu. Ruwan da ke gangaro wa gyambonsa ya ragu, wanda ke zuwa kuma an riga an karya masa ƙarfi. Cikin 'yan mintoci sai ya ji wuta ta mutu. Sai dai hutun na aro ne. Shigar abincin ita ce kuma ta umarci tumbi ya ƙara zubo asid, kuma bayan awa biyu zuwa uku abincin ya kusa ƙarewa, babu sauran abin da zai surka ruwan, ƙofa ta saki, sai asid tsagwaronsa ya riƙa kwarara a kan ɗanyen nama. Wannan shi ne ciwon da ke zuwa tsakanin cin abinci da cin abinci, wanda mutane da yawa suke ɗauka yunwa ce mai zafi. Da dare abin ya fi muni, domin tumbi ba ya daina zubo asid don mutum ya yi barci, ga shi an ɗauki awa biyar ko shida ba a sa komai a ciki ba. Shi ya sa ciwon ke tayar da mutum wajen ƙarfe ɗaya zuwa uku na dare, ya tashi yana laluben abin da zai jefa a baki. Irin waɗannan marasa lafiya ba kasafai suke ramewa ba, wasu ma ƙiba suke yi, don sun gano cin abinci ne ke ba su sauƙi.

Mai gyambo a cikin tumbi kuwa, abincin kansa yake sauka. Tumbi yana buɗewa ya miƙe don ya karɓi abin da aka ci, miƙewar nan tana jan gefen gyambon. Sannan ya fara murɗawa yana niƙa, kusan sau uku a minti, yana goga abincin a bango. Ga sabon asid da cin abincin ya jawo, ga ƙofa a rufe, duk abin yana nan tare da gyambon. Saboda haka ciwon yakan taso da wuri, daga kwata zuwa rabin awa bayan an ci, wani lokaci da tashin zuciya ko jin ciki ya cika tun ba a ci na kirki ba. Wanda ya sha wannan sau goma, ganin kwano ma sai gabansa ya faɗi. Daga nan rama take farawa.

Yanzu sai in ja maka birki kaɗan, don kada ka ɗauki wannan bayani ka yanke wa kanka hukunci. Abin da na zayyana shi ne yadda abin ya fi zuwa, kuma yana da tushe a yadda jiki ke aiki, amma ba ma'auni ba ne. Na ga masu gyambon tumbi da abinci ke kwantar musu da ciwo, na ga masu na duwodinam da ba su taɓa farkawa da dare ba. Akwai masu gyambo da ba su jin ciwon komai sai ranar da ya zubar da jini, musamman tsofaffi da masu shan maganin ciwon jiki. Kuma mafi yawan mutanen da ke cewa suna da olsa, in aka leƙa cikinsu da kyamara ba a samun gyambo ko ɗaya. Wasu ƙwannafi ne, asid ke hawowa maƙogwaro. Wasu duwatsun matsarmama ne. Da yawa kuma tumbin lafiya lau yake a ido, saurin jin zafi kawai yake da shi. Lokacin da ciwo ke tashi yana nuna wa likita inda zai fara dubawa ne. Tabbatar da gyambo sai an gan shi.

Sai maganar ƙwayar cuta, wadda ita ce gindin lamarin.

Tambayar da ta kamata mutum ya yi ita ce, ruwan da ke narkar da nama, me ya hana shi narkar da tumbin da ke ɗauke da shi? Abin da ya hana shi ne wani yauƙi mai kauri da ya shafe bangon tumbi, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. A ƙarƙashin yauƙin, bangon yana fitar da sinadarin bayikabonet mai kashe tsami, ta yadda a saman yauƙin asid ne mai ƙuna, a ƙasansa kuwa kusan babu tsami. Ga jini da ke zagayawa yana ciyar da bangon, ga fatar ciki da ke sabunta kanta duk bayan 'yan kwanaki. Gyambo yana fitowa ne in wannan garkuwa ta yi rauni, ko asid ya yi mata yawa. Kuma abubuwa biyu ne ke haddasa mafi yawan wannan: wata ƙwayar bakteriya mai suna Helikobakta failori, da magungunan kashe ciwo irin su ibufurofen, dikilofenak, firoksikam da asfirin.

Shekaru da dama likitoci sun yi imani cewa babu ƙwayar da za ta rayu a tumbi. Damuwa da yaji da yunwa ake ɗora wa laifi. A 1979 wani likitan binciken nama a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren, ya fara ganin wasu ƙwayoyi masu lanƙwasa a naman tumbin da ake kawo masa, kuma duk inda ya gan su sai ya ga bangon ya kumbura. Wani matashin likita, Barry Marshall, ya haɗu da shi. Sun yi ta ƙoƙarin rainon ƙwayar a ɗakin gwaji tana ƙi, domin bayan kwana biyu ake zubar da faranten rainon in ba a ga komai ba. A 1982 hutun Ista ya sa aka bar wasu farantai suka ƙara kwanaki, da aka dawo sai ga ƙwayar ta tsiro. Ashe jinkirin girma take da shi. Duk da haka ba a yarda da su ba, har a 1984 Marshall ya shanye ruwan da aka raini ƙwayar a ciki. Cikin kwanaki ya fara amai, aka leƙa tumbinsa aka ga ya kumbura, ga ƙwayar a jiki. Gyambo dai bai fito masa ba, amma ya nuna cewa ƙwayar tana kama lafiyayyen tumbi ta sa masa cuta. A 2005 aka ba su kyautar Nobel su biyun.

Dabarar ƙwayar nan abar mamaki ce. Ba ta zama a cikin asid ɗin, don ita ma zai kashe ta. Siffarta kamar murɗaɗɗen zare take, da 'yan wutsiyoyi a gefe guda, da su take huda yauƙin ta nutse har ƙasa inda babu tsami. Kafin ta kai can, tana da wani sinadari, yuriyes, da ke farfasa yuriya, wadda ake samu a ruwan tumbi, ya mayar da ita amoniya da iskar kabon dayokzaid. Amoniyar tana kashe tsamin da ke kewaye da ita, sai ta zama kamar mai tafiya cikin ruwan sama da laima. Ka riƙe wannan, don da shi ake kama ta a gwaji. In ta zauna, sojojin jini suna zuwa yaƙarta, amma ba su iya fitar da ita, sai yaƙin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa shekara da shekaru, bangon tumbi ya zama shi ne filin daga. Yawanci tun ana yara ake ɗaukarta, a cikin gida, ta yawu ko amai ko ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata. Don haka ba abin mamaki ba ne wa da ƙane da suka tashi ɗaki ɗaya su kasance duka suna ɗauke da ita. Kusan rabin mutanen duniya suna da ita, amma mafi yawansu har su mutu ba za su yi gyambo ba. Kimanin mutum ɗaya ko biyu cikin goma ne abin ke kai su ga haka.

Ga inda amsoshin tambayoyinka biyu suka haɗu. Ƙwaya ɗaya ce, amma inda ta fi yin sansani a tumbi shi ke raba hanya.

A ƙasan tumbi, kusa da ƙofa, akwai ma'aikata iri biyu. Wasu suna fitar da sinadarin gastirin, wanda ke bin jini ya je saman tumbi ya ce a zubo asid. Wasu kuma suna fitar da somatositatin, wanda ke cewa ya isa haka. Ɗaya totur, ɗaya birki. In ƙwayar ta tare a wannan yanki na ƙasa, kumburin yana raunana birkin. Gastirin sai ya yi yawa, saman tumbi kuma da yake lafiyarsa ƙalau sai ya yi ta aiki ba ƙaƙƙautawa. Asid ya yi ambaliya zuwa duwodinam, ya fi ƙarfin bayikabonet ɗin da ke zuwa can don kashe shi. Duwodinam, don ya kare kansa, sai wasu gurabe nasa su rikiɗe su koma kamar fatar tumbi. Ƙwayar kuwa fatar tumbi kaɗai take iya kamawa, ga shi an shimfiɗa mata ita a sabon wuri, sai ta ƙaura ta zauna. Gurbin ya kumbura, asid ya ci shi, gyambo ya buɗe. Wannan shi ne gyambon yawan asid, mai ciwon yunwa da na tsakar dare.

In kuwa ƙwayar ta bazu har saman tumbi, inda masu yin asid ɗin suke, su ma kumburin yana taɓa su. Asid ɗin irin wannan mutum daidai yake da na kowa, ko ma ya gaza. Abin da ya lalace shi ne garkuwar: yauƙi ya yi siriri, bango ya yi laushi, ɗan asid ɗin da ke nan ya isa ya huda shi. Wannan shi ne gyambon tumbi. Kuma irin wannan kumburi da ya game tumbi, in ya daɗe, shi ne wanda a wasu mutane ƙalilan yake share wa kansar tumbi hanya. Tun 1994 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙwaya cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam.

Wannan ya sa, in gaya maka gaskiya, hankalina ya fi tashi a kan yayanka. Gyambon duwodinam kusan ba ya zama kansa. Na tumbi kuwa, wani lokaci abin da ido ya gani kamar gyambo, kansa ce ta fashe a sama. Mafi yawa ba haka ba ne, kada ka tsorata, amma mutumin da ciwo ke hana shi ci har ya rame bai kamata a ci gaba da ba shi magani a kan zato ba. Ya je a yi masa endoskofi, wato a zura siririn bututu mai kyamara ta baki a duba, a tsinko ɗan nama daga gefen gyambon a auna. In gyambon tumbi ne, maganin rage asid na mako takwas ake ba shi, sannan a sake leƙawa a tabbatar ya rufe. A kuma tambaye shi dalla-dalla abin da yake sha in baya ko gwiwa ko kai ya dame shi. Magungunan ciwon jiki da na ambata suna hana jiki yin furostagilandin, sinadarin da ke sa a yi yauƙi da bayikabonet, kuma ta jini suke wannan aiki, don haka allura ma ba ta kuɓutar da mutum, shan su bayan cin abinci ma bai isa kariya ba. In suka haɗu da ƙwayar a tumbi ɗaya, haɗarin zubar jini yana ninkuwa. Farasitamol ba ya cikinsu.

Bari in ba ka labarin wani da na duba, don ka ga yadda maganin naka yake tafiya da inda ake tuntuɓe. Tela ne, shekararsa 38. Shekara uku yana fama: ciwo wajen sha ɗaya na safe, ciwo da yamma, ciwo ƙarfe biyu na dare. Kofin madara yake ajiyewa a gefen gado. In abin ya matsa sai ya sayi maganin rage asid mai suna omifirazol ya sha mako biyu, ya ji garau, ya ajiye, bayan wata biyu ko uku ciwo ya dawo. Madarar ma ruɗinsa take yi, domin tana kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma kalsiyam da furotin da ke cikinta suna sa tumbi ya ƙara zubo asid, sai ciwon ya dawo kafin asuba.

Na tura shi gwajin bayan gida, wanda ke neman ɓurɓushin ƙwayar. Sakamako ya ce babu. Ban gamsu ba, na sake zama da shi, sai ya fito cewa har safiyar gwajin ya sha omifirazol, kuma kwana goma kafin nan ya sha amoksisilin saboda ciwon haƙori. Laifina ne da ban tambaya tun farko ba. Magungunan nan suna danne ƙwayar, yawanta ya ragu har gwaji ya kasa ganinta, alhali tana nan. Ƙa'idar ita ce a bar omifirazol da danginsa mako biyu kafin gwaji, a bar maganin kashe ƙwayoyin cuta da wani maganin ciki mai suna bismut mako huɗu. Muka jira, yana lallaɓa ciwon da farin ruwan maganin nan mai kashe tsami, wanda ba ya ɓata gwajin. Aka sake, sai ga ta.

Gwajin numfashi ma haka ƙa'idarsa take, kuma a kan laimar nan aka gina shi. Ana ba mutum yuriya da aka yi wa alama ya sha. In ƙwayar tana nan za ta farfasa ta, iskar da ta fito ta bi jini ta fita a numfashi ɗauke da alamar, na'ura ta gani. Gwajin jini kuwa, wanda aka fi yi saboda sauƙi, shaidar yaƙi kawai yake nunawa. Yana iya ci gaba da cewa akwai, shekaru bayan an kashe ƙwayar. Na sha ganin wanda aka maimaita wa magani sau uku saboda gwajin jini, alhali tun zagayen farko ya rabu da ita.

Na rubuta masa magani uku na kwana 14: omifirazol miligiram 20, amoksisilin giram 1, da kilaritiromaisin miligiram 500, kowanne safe da yamma. Kala biyu na masu kashe ƙwayar ake haɗawa saboda guda ɗaya ba ya gamawa da ita, waɗanda suka tsira kuma su haifi masu taurin kai. Omifirazol a nan ba don ciwo kaɗai yake ba. In tsami ya ragu, magungunan ba su lalacewa da wuri a tumbi, ƙwayar kuma takan shiga hayayyafa, a lokacin ne amoksisilin ya fi kama ta. Ana shan omifirazol rabin awa kafin abinci, domin famfunan asid da cin abinci ya tayar su yake toshewa, sai ya kasance yana cikin jini kafin su tashi.

Kwana huɗu ciwo ya ɗauke. Nan ne mutane da yawa ke ajiye magani, ga ɗacin baki kamar an tsotsi ƙarfe, ga ɗan gudawa. Shi dai ya daure ya kammala. Ciwo ya tafi, ya so ya tafi shi ma, na ce a'a, sai an sake gwaji, mako huɗu bayan ƙwayar magani ta ƙarshe, kuma mako biyun ƙarshe babu omifirazol. Aka yi, ƙwayar tana nan. Da na bi tarihinsa, ya sha azitiromaisin ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba saboda tari da mura. Dangin kilaritiromaisin ne, kuma ƙwayar da ta saba da ɗaya ta saba da ɗayan. Wannan turjiya ta yawaita a ƙasashe da dama, har ta sa yanzu a wurare da yawa ba a farawa da wannan haɗin sai an tabbatar zai ci.

Zagaye na biyu ba a maimaita abin da ya faɗi. Na ba shi haɗin huɗu, shi ma kwana 14: omifirazol sau biyu, bismut sau huɗu, tetirasaikilin miligiram 500 sau huɗu, da metironidazol sau uku a yini. Ƙwayoyi ne da yawa, sai da muka zana jadawali a takarda ya liƙa a jikin kekensa. Na hana shi haɗa tetirasaikilin da madara, don tana hana shi shiga jini. A kwana na uku ya kira ni a firgice, bayan gidansa ya yi baƙi. Na tambaye shi: yana da danƙo kamar kwalta? Yana da wani mugun wari da bai saba ji ba? Jiri fa, ko bugun zuciya in ya miƙe? Ya ce babu ko ɗaya, baƙi ne kawai, har harshensa ya yi duhu. Wannan aikin bismut ne, yana wucewa in an gama. Gwajin da ya biyo baya ya nuna ƙwayar ta mutu. Ya daina omifirazol gaba ɗaya, kofin madara ya bar gefen gado.

Bambancin da ke tsakanin shekarunsa uku na baya da wannan wata uku shi ne abin da nake so ka gane game da takardar da ke hannunka. Maganin rage asid shi kaɗai yana rufe gyambon duwodinam cikin mako huɗu zuwa shida a mafi yawan mutane, amma in ƙwayar tana nan, fiye da rabinsu gyambon zai dawo kafin shekara ta zagayo. In aka kashe ta, kaɗan ne ƙwarai yake dawo musu, muddin ba su koma wa magungunan ciwon jiki ba. Taba sigari tana jinkirta warkewa, tana kuma rage nasarar maganin. Yaji da abu mai tsami suna iya tayar da zafi a gyambon da ya riga ya buɗe, kamar gishiri a kan rauni, wanda ya dame ka ka bar shi har ka warke, amma ba su ne suka haƙa ramin ba, yunwa ma haka. In kana da tarihin ƙaiƙayi ko kumburi bayan shan fenisilin, ka faɗa wa likitanka kafin ka fara, don amoksisilin danginsa ne.

Akwai alamun da ba a kwana da su, ko a kai ko a yayanka. Aman jini, ja ko mai duhu kamar dusar kofi. Bayan gida baƙi mai danƙo da wari, alhali ba a shan bismut ko maganin ƙarin jini. Ciwo mai tsanani da ya sauko farat ɗaya, ciki ya ƙage kamar katako, mutum ba ya son ko motsi, wannan alamar gyambo ya huda bango ne, aikin tiyata ne na gaggawa. Sai kuma aman abincin jiya ko shekaranjiya bai narke ba, wanda ke nuna tabon gyambo ya tsuke ƙofar. Haka nan in wanda abinci ke kwantar masa da ciwo ya wayi gari abinci ya daina yi masa aiki, ko ciwon ya zama ba dare ba rana yana soka har gadon baya, gyambon ya canja hali, a koma asibiti a ranar.

Kai dai ka shanye naka har ƙwayar ƙarshe, ka ƙirga mako huɗu, ka koma a yi maka gwajin bayan gida ko na numfashi. Shi kuma yayan, ka raka shi a leƙa cikinsa cikin wannan makon, ku tafi da duk kwalayen magungunan da yake sha.